Yadda Manhajar Ɗaukar Ma'aikata Take Karanta CV, da Yadda Ake Gyara Takarda Don Kada Ta Rikice

Duk wanda ya taɓa neman aiki ta intanet a banki, ko kamfanin sadarwa, ko wata ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, ya san wurin da ake cewa ya ɗora CV ɗinsa, sannan bayan daƙiƙu kaɗan fom ya bayyana an riga an cike masa wasu gurabe. Wani lokaci a ga sunan mutum ya zauna daidai, wani lokaci kuma a ga sunan unguwarsu a gurbin sunan mahaifi, ko a ga shekarar da ya gama sakandare an liƙa ta a jikin digirinsa. Abin da ya cike gurabun nan ita ce manhajar da ake kira ATS, wadda kamfanoni suke amfani da ita wajen tattara takardun masu neman aiki da tace su. Workday da Taleo da SuccessFactors da Greenhouse duk irinta ne, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan manhajoji ba su ne suke karanta takardar da kansu ba, suna hayar wani injin karatu ne daga kamfanoni irin su Textkernel da Daxtra da RChilli.

Matsalar da nake yawan gani a takardun ƙannenmu da suka gama jami'a ko kwaleji a nan Zariya ba ta rashin cancanta ba ce. An buga musu takardar ne a shagon kwamfuta na Samaru ko Kongo ko Tudun Wada da nufin a fitar da ita a firinta a miƙa wa mutum hannu da hannu, kuma ta wannan fuskar ba ta da aibu, domin ga ta tsaf, ga hoto, ga jadawali. Sai dai fayil ɗin nan da aka tsara don ido shi ne kuma ake ɗorawa a shafin neman aiki, inda abin da zai fara karanta shi ba ya gani yadda ido yake gani.

Abin da yake faruwa da takardar bayan an ɗora ta

Aikin farko da manhajar take yi shi ne ta zare rubutu daga cikin fayil ɗin, ta mayar da shi zare guda mai tafiya daga harafin farko zuwa na ƙarshe. Mai ɗinkin babbar riga a cikin birnin Zariya ya san cewa idan aka warware aska takwas, zaren yana nan bai ragu ba, amma zanen ya tafi. Haka shafin yake zama: kalmomin suna nan, amma duk ma'anar da ta dogara ga cewa wannan yana gefen wancan, ko wannan yana ƙarƙashin wancan, ta ɓace, sai wadda jerin kalmomin da kansa ya riƙe.

Bayan haka sai ta yanka zaren gida-gida ta hanyar neman kanun da ta sani, wato kalmomi irin su Education da Work Experience da Skills. Duk abin da ya biyo bayan wani kai, har zuwa inda wani kan ya bayyana, tana ɗaukarsa a matsayin na wannan sashen ne. A cikin kowane sashe kuma sai ta shiga tsince-tsince: abin da yake da alamar @ a tsakiya adireshin imel ne, jerin lambobi masu wani tsari lambar waya ce, wata da shekara guda biyu da ɗan layi a tsakaninsu tsawon lokacin aiki ne. Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne yadda take haɗa abubuwa: tana danganta kwanan wata da sunan muƙami da sunan ma'aikata ne saboda kusancinsu a cikin zaren. Idan sun zo a jere, sai ta ce na aiki guda ne. Idan wani abu ya gitta tsakaninsu, sai haɗin ya yi rauni ko ya karkata zuwa wani wuri.

A ƙarshe sai ta zuba abin da ta samu a gurabun rumbun bayanai, ta lissafa shekarun ƙwarewa daga kwanakin da ta tsinta. Wannan rumbun shi ne jami'in ɗaukar ma'aikata yake bincikawa idan takardu sun yi masa yawa. Ya kamata a faɗi gaskiya a nan, domin ana yawan tsorata matasa: a mafi yawan lokuta manhajar ba ta jefar da takarda don kawai tana da jadawali, kuma asalin fayil ɗin yana nan a ajiye, jami'in zai iya buɗe shi. Illar ita ce idan ya tace da sharaɗin digiri da shekara uku na aiki, wanda bayanansa suka shiga a karkace ba zai fito a jerin ba, kuma babu dalilin da zai sa a buɗe fayil ɗin wanda bai fito ba.

Mataki na farko: ka ga takardarka yadda manhajar za ta gan ta

Kafin ka taɓa komai, buɗe fayil ɗin da kake ɗorawa, wato shi kansa PDF ɗin idan shi kake aikawa, ka danna Ctrl+A, sannan Ctrl+C, ka buɗe Notepad ka danna Ctrl+V. Notepad ba ya riƙe launi ko jadawali ko hoto, saboda haka abin da ya bayyana a cikinsa ya yi kusa ƙwarai da zaren da muke magana a kai. Wanda ba shi da kwamfuta zai iya yin haka a waya, ya danne yatsa a kan rubutun, ya zaɓi duka, ya kwafa zuwa manhajar rubuta bayanai. Idan ka danne kuma babu abin da ya zaɓu, to takardarka hoto ce ba rubutu ba, kuma za mu zo kan wannan a gaba.

Wanda ya saba da layin umarni yana da hanya mafi inganci, ta amfani da kayan aikin Poppler:

```
pdftotext cv.pdf -
pdftotext -raw cv.pdf -
pdftotext -layout cv.pdf -
```

Na farko yana ƙoƙarin gano tsarin karatu da kansa, na biyu yana bin jerin da aka ajiye rubutun a cikin fayil, na uku kuma yana kwaikwayon yadda shafin yake a ido. Idan sakamakon ukun ya zo da jeri iri ɗaya, takardar tana da lafiya. Idan sun sha bamban sosai, to yadda za a karanta ta ya dogara ne ga irin injin da ta faɗa hannunsa, kuma kai ba ka da ikon zaɓar wannan.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wata matashiya ta karanta kimiyyar dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta gama a 2019, ta yi bautar ƙasa, sannan ta yi aikin duba ingancin kaya a wani kamfanin sarrafa abincin kaji daga Yulin 2021 zuwa Disambar 2023, wato wata 30. Daga nan ta zama mai kula da wata gonar kaji daga Janairun 2024 zuwa Yunin 2025, wato wata 18. Jimilla wata 48 ke nan, shekara huɗu cif, kuma aikin da take nema yana buƙatar shekara uku. Takardarta mai tsagi biyu ce: siririn tsagi a hagu ɗauke da ƙwarewa da harsuna, babban tsagi a dama ɗauke da ayyukan da ta yi, karatunta kuma yana cikin jadawali a ƙasa.

Mataki na biyu: ka rushe tsagi biyu ya koma ɗaya

Dalilin da ya sa tsagi biyu yake rikita karatu yana cikin yadda aka gina PDF. Kamfanin Adobe ya fitar da shi ne a 1993 da manufar shafi ya fito iri ɗaya a kowane allo da kowace firinta, saboda haka abin da yake ajiyewa umarni ne na zane: sanya waɗannan haruffa a wannan wuri, a wannan tsayi, da wannan girma. A PDF na yau da kullum babu abin da yake cewa nan sakin layi ne, ko nan tsagin hagu ya ƙare. Dole injin karatu ya yi hasashe daga wuraren da haruffan suke. Injin da ya bi hanya mafi sauƙi yana ɗaukar duk abin da yake kan tsayi ɗaya a matsayin layi ɗaya, ya karanta daga hagu zuwa dama, ya tsallake farin filin da yake tsakanin tsagin biyu kamar babu shi. Ga abin da takardar matashiyar nan za ta iya zama a hannunsa:

```
SKILLS WORK EXPERIENCE
Feed formulation Quality Control Assistant
Microsoft Excel Feed mill, Zaria
LANGUAGES Jul 2021 - Dec 2023
Hausa Tested moisture in maize
```

A duba ɓarnar da kyau. Kanu biyu sun haɗu a layi ɗaya, don haka manhajar ba ta da tabbacin wane sashe ne ya fara. Muƙaminta ya zama wata doguwar jimla da ta haɗa ƙwarewa da muƙami. Mafi muni kuma, kalmar LANGUAGES ta faɗo daidai gaban kwanan watan aikinta na farko, kuma tun da wannan kalma kai ce da manhajar ta sani, tana iya yanke cewa sashen ayyuka ya ƙare, an shiga sashen harsuna. Idan haka ta faru, wata 30 ɗin nan sun fita daga lissafi. Ko da an yi sa'a aikin gonar ya shiga daidai, abin da rumbun zai nuna shi ne wata 18, shekara ɗaya da rabi, ga mace mai shekara huɗu a fagen.

Gaskiya ne cewa injinan zamani da yawa suna gane tsagi biyu, musamman idan filin da yake tsakani yana da faɗi kuma babu abin da ya ratsa shi. Amma ko a wurinsu akwai wata matsalar, domin suna iya karanta tsagin hagu gaba ɗaya kafin su koma dama, ta yadda idan sunan mutum yana saman tsagin dama, zai zo ne bayan jerin ƙwarewa da harsuna, alhali manhajar tana sa ran samun suna a layukan farko.

A fayil ɗin Word labarin ya ɗan bambanta. Idan an raba shafin ne ta Layout sannan Columns, rubutun a cikin fayil ɗin yana nan a jere guda, rabuwar ta ido ce kawai, kuma gyaranta shi ne a koma wurin a zaɓi One. Amma yawancin samfuran da ake saukewa daga intanet ba haka aka yi su ba. An gina su ne da jadawali mai ɓoyayyen layi, ko da akwatunan rubutu masu yawo a kan shafi. Hanyar ganewa ita ce ka danna cikin tsagin: idan wata ƙaramar alama mai kibiyoyi huɗu ta bayyana a kusurwar sama ta hagu, jadawali ne, idan kuma wani firam mai ɗigo-ɗigo a gefuna ya kewaye rubutun, akwati ne. Akwatin ya fi haɗari, domin Word yana ajiye abin da yake cikinsa ne a wani reshe na daban da aka rataya a jikin wani sakin layi. Wasu injinan suna tsallake shi ɗungurungum, wasu suna karanta shi a inda aka rataya shi ba a inda ido yake ganinsa ba, wasu kuma suna karanta shi sau biyu, saboda Word yakan ajiye kwafi na biyu don tsofaffin manhajoji.

Shawarata ita ce kada ka ɓata lokaci kana lallaɓa tsohon samfurin. Buɗe sabon shafi fari, ka kwaso rubutun da ka zuba a Notepad, ka sake jera shi daga sama zuwa ƙasa: suna da hanyar tuntuɓa, taƙaitaccen bayani, ayyuka, karatu, ƙwarewa. Ka rubuta kanun da kalmomin da kowa ya sani, kowanne a layinsa shi kaɗai.

Mataki na uku: jadawalin karatu

Nan ne takardunmu na gida suka fi samun rauni, saboda haka zan ɗan daɗe a kai. Fayil ɗin DOCX, wanda Word ya koma amfani da shi tun 2007, a haƙiƙa ƙunshi ne na ZIP mai ɗauke da ƙananan fayiloli, kuma jikin takardar yana cikin wanda ake kira word/document.xml. A can an rubuta jadawali ne jeri bayan jeri, kowane jeri kuma gida bayan gida daga hagu zuwa dama. Saboda haka jadawalin da aka yi bisa ƙa'ida, wanda kowace makaranta take da jerinta, yakan fito da ɗan dama-dama: makaranta, shaidar da aka samu, shekara, sannan a sauka jeri na gaba.

Amma ba haka ake yawan bugawa a shaguna ba. Mai bugawa yana sauri, layi yana jiransa, sai ya yi jadawali mai jeri ɗaya da gida uku, ya zuba duk makarantun a gidan farko yana danna Enter, ya zuba duk shaidun a gida na biyu, duk shekarun a na uku, ya daidaita su da ido har su yi kafaɗa da kafaɗa. A kan takarda babu mai gane bambanci. A cikin zaren kuwa ga abin da yake fitowa:

```
Ahmadu Bello University, Zaria
Secondary school, Zaria
B.Agric
SSCE
2014 - 2019
2007 - 2013
```

Yanzu babu abin da ya haɗa jami'ar da digirin. Abin da ya fi kusa da B.Agric shi ne sunan sakandare, abin da ya fi kusa da shekarun jami'a kuma shi ne SSCE. Manhajar tana iya rubuta cewa matashiyar ta samu digiri a makarantar sakandare, ko ta bar gurbin shekarar kammalawa fayau. Hanyar gano wannan a Word ita ce ka danna Ctrl+Shift+8, alamun sakin layi su bayyana, ka ga ko an cusa layuka da yawa a gida ɗaya.

Akwai kuma tsohon tsarin da muka gada daga takardun neman aikin gwamnati, inda ake rubuta makarantun da aka halarta a sashe guda, sannan shaidun da aka samu a wani sashe na daban. Ko babu jadawali ko kaɗan, wannan tsarin yana raba digiri da jami'arsa. Idan ma'aikatar da kake nema ta ba da nata tsarin ta ce a bi, kamar yadda jami'o'i sukan yi a tallan gurabensu, to ka bi shi, domin mutane ne za su karanta. Ga shafin da manhaja take cike fom kuwa, ka haɗa komai na makaranta guda wuri guda:

```
EDUCATION
B.Agric (Animal Science)
Ahmadu Bello University, Zaria
2014 - 2019
```

Idan jadawalinka na ƙa'ida ne, kana iya danna cikinsa, ka shiga Layout na jadawalin, ka zaɓi Convert to Text, sannan ka gyara jerin da hannu. Idan kana son kwanan wata ya zauna a gefen dama don kyan gani, ka sa tsayawar Tab guda ɗaya ta dama a kan ma'aunin shafi, kada ka yi ta danna Space har sai ya isa can. Shi ma jadawalin bayanan kai da aka saba sawa a sama, mai jihar asali da ƙaramar hukuma da ranar haihuwa, a mayar da shi layuka, kowane bayani da amsarsa a layi ɗaya, ko a cire abin da ba a tambaya ba.

Game da rubuta kwanan wata, ka riƙe tsari ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma ka rubuta watan da haruffa. Mu a Najeriya idan muka rubuta 03/04/2021 muna nufin uku ga Afrilu, manhajar da aka saita bisa tsarin Amurka kuwa za ta karanta shi huɗu ga Maris. Rubuta shekara kaɗai a sashen ayyuka shi ma yana da illa, domin 2021 zuwa 2023 yana iya zama wata 14 ko wata 36, kuma manhajar ce za ta zaɓa maka.

Mataki na huɗu: hotuna, alamomi da saman shafi

Duk abin da yake hoto ne, injin da yake zare rubutu ba ya ganin komai a wurin. Hoton fasfo ba ya cutar da karatun sosai, tsallake shi ake yi. Abin da yake cutarwa shi ne bayanin da aka mayar hoto. Matashiyar tamu ta nuna ƙwarewarta a Excel da taurari huɗu cikin biyar, ta nuna Turancinta da wata sanda da aka cika kusan ƙarshe. A zaren, taurarin da sandar babu su. Gara ta rubuta a fili abin da take iya yi da Excel ɗin, misali lissafin haɗin abincin kaji da rahoton mako, wanda ko ga ɗan Adam ya fi taurari amfani. Ƙananan alamomin waya da ambulan da ake sawa gaban lamba da imel kuma sau da yawa haruffa ne na wani nau'in rubutu na musamman, waɗanda suke fitowa a matsayin akwati ko baƙon harafi, kuma idan baƙon harafin ya manne da farkon imel, adireshin da aka ajiye ya lalace.

Mafi tsanani shi ne takardar da gaba ɗayanta hoto ce. Wannan yana faruwa idan aka fitar da CV a firinta aka sa hannu, sannan aka yi sikanin ɗinsa ko aka ɗauke shi da kyamarar waya aka mayar PDF. Yana faruwa kuma a Canva idan aka zaɓi Flatten PDF wajen saukewa. Wasu manhajojin suna da fasahar OCR mai gane haruffa daga hoto, wasu ba su da ita, kuma ko mai ita tana rikita sifili da harafin O, da lamba 1 da ƙaramin l, da rn da m. Kuskuren harafi ɗaya a cikin jimla ba komai ba ne, amma a cikin imel yana nufin takardar gayyata ta tafi wani wuri. Idan mai shago ya buga maka takarda, ka roƙe shi ya tura maka asalin fayil ɗin Word, kada ka tafi da takardar da aka fitar kaɗai.

Saman shafi da ƙasansa, wato Header da Footer, suna zaune ne a fayiloli na daban a cikin ƙunshin, kamar word/header1.xml, kuma injin da ya karanta jikin takardar kaɗai ba zai bi ta kansu ba. Da yawa suna sa suna da lambar waya a can don su fito a kowane shafi. Ka sauko da su cikin jikin takardar, suna a layin farko shi kaɗai, ba tare da kalmomin Curriculum Vitae a samansa ba, sannan gari da lambar waya mai farawa da +234 da imel a layin da yake biye. Kada kuma a ware haruffan suna don ado, domin PDF sau da yawa ba ya ajiye tazarar kalmomi a matsayin harafi, injin ne yake hasashenta daga faɗin gibin, kuma suna mai warwatsattsun haruffa yakan fito harafi ɗai-ɗai.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu kaɗai, wato haruffa masu lanƙwasa. Tsofaffin nau'o'in rubutun Hausa da har yanzu suke kan wasu kwamfutoci suna nuna ƙ da ɗ da ɓ a allo, alhali abin da aka ajiye a ƙarƙashi alamomi ne irin su } da ] da ~. Mai sunan da yake da irin harafin nan zai ga sunansa ya koma alamar baka a Notepad. Ko da an yi amfani da haruffan Unicode na gaskiya, jami'in da yake neman sunanka zai buga shi ne da haruffan da suke kan madanninsa. Saboda haka a CV na Turanci ka rubuta sunanka daidai yadda yake a takardar shaidar digirinka da katin NIN.

Mataki na biyar: adanawa da sake gwadawa

Idan shafin ya faɗi irin fayil ɗin da yake so, ka ba shi wannan. Idan ya karɓi duka biyun, DOCX mai tsagi ɗaya shi ne mafi sauƙin karantawa, domin jerin rubutun a rubuce yake a cikinsa, ba sai an yi hasashe ba. PDF ɗin da aka fitar kai tsaye daga Word ta Save As shi ma yana tafiya lafiya idan shafin tsagi ɗaya ne, kuma yana da kyau a shiga Options a tabbatar an zaɓi Document structure tags for accessibility, wanda yake sa alamun da suke nuna kai da sakin layi da jerin karatu. Ka zaɓi nau'in rubutu na kowa da kowa kamar Calibri ko Arial, domin wasu nau'o'in ado suna shiga PDF ba tare da taswirar da take mayar da zanen harafi zuwa harafi ba, sai a ga takarda tana karantuwa a ido amma kwafinta shirme ne.

Daga nan ka maimaita gwajin Notepad, ka karanta a hankali kana tambayar kanka abu uku: shin sunana ne a layin farko, shin kowane kai yana layinsa, shin kowane muƙami yana manne da ma'aikatarsa da kwanan watansa? Ga yadda aikin farko na matashiyar ya kamata ya fito bayan gyara:

```
WORK EXPERIENCE
Quality Control Assistant
Feed mill, Zaria
Jul 2021 - Dec 2023
```

Da wannan jerin, wata 30 sun dawo cikin lissafi, sun haɗu da wata 18 na gonar, rumbun ya nuna shekara huɗu, kuma tacewar shekara uku ba za ta bar ta a baya ba.

Gwaji na gaskiya shi ne fom ɗin kansa. A Workday, misali, idan ka zaɓi Autofill with Resume, gurabun da suka cika suna nuna maka kai tsaye abin da injin ya fahimta. Kada ka yi saurin wucewa don data tana ƙarewa ko don kafe ya cika. Ka bi kowane gurbi, ka gyara muƙami da watanni da sunan makaranta da hannunka, domin abin da ka bari a gurabun nan shi ne za a tace da shi, ba abin da yake cikin fayil ɗin ba. Idan ka ga gurbi guda yana lalacewa a shafuka daban-daban, to laifin yana cikin takardar, ka koma daidai wannan layin a Word ka duba abin da yake ɓoye a wurin. Tsohuwar takardar mai launi da hoto kuma ka ajiye ta da wani suna na daban, ita ce za ka fitar a firinta ranar da aka kira ka ganawa, wannan mai tsagi ɗaya kuma ita kaɗai za ka riƙa ɗorawa.